Cewa a'a ga babba: tes, saƙon murya ko imel?

Dan_Tsakiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga tambaya. A ce kawun mutum ya turo masa saƙon murya ranar Litinin, yana so ya tsaya wa ɗansa garanto a wani rance, kuma dole a miƙa takardun ranar Alhamis. Mutumin ya riga ya yanke shawara ba zai sa hannu ba. Nisa ya hana zuwa ido da ido, kawun kuma ba kasafai ake samunsa a kira ba. Abin da ya rage shi ne tes, saƙon murya ko imel. Ni a ganina magana ɗaya ce, in kalmomin na ladabi ne, ko ta ina aka tura daidai ne. Wani abokin aikina ya ce sam ba haka ba ne. Masana, ku raba mana gardama.

Sakatariya77: Wa alaikumus salam. Abokin aikinka ya fi ka gaskiya, ƙanena. Ɗauki jimla ɗaya: "Ka yi haƙuri, ba zan iya ba." In ka furta ta da baki, ka sassauta murya, ka ɗan ja numfashi kafin "ba zan iya ba", roƙo ce. In ka rubuta ta a tes ita kaɗai, mai karatu ne zai sa mata murya, kuma mutumin da aka hana abu ba ya karanta saƙo da murya mai taushi. Zai ji ta kamar umarni: ka yi haƙuri, magana ta ƙare. In ka sa ta a imel ƙarƙashin take da sa hannu, ta zama matsaya ta hukuma, abin da za a iya bugawa a takarda a ajiye.

Saboda haka aikin da kalmomi za su yi ya bambanta. A saƙon murya muryarka ta riga ta ɗauki nauyin ladabi, abin da ake nema daga kalmomi shi ne su fito da a'ar fili. A tes babu murya, dole kalmomin su ɗauki ladabin duka. Yawancin kuskuren da ake yi juya wannan ne: a yi ta zagaye-zagaye a murya har a'ar ta ɓace, a kuma gajarta tes har ya zama tsawa.

Auta_Mai_Gaskiya: Ni dai ban ga abin wahala ba. Babba ba a ce masa a'a. Ka ce "to Kawu, zan duba in sha Allah", ka yi shiru. Shi ma babba ne, zai gane.

Malam_Alƙalami: Auta, rabin maganarka daidai ne. Akwai buƙatun da "zan duba" ke isar da su, kuma dattawa sun san ma'anarta. Amma ka koma ka karanta tambayar: akwai ranar Alhamis. In kawun ya ɗauki "zan duba" a matsayin alkawari, ba zai nemi wani ba har Laraba da dare. Ranar da ya gane, ɓacin ran ya zama biyu, an hana shi kuma an cinye masa kwana uku. Duk buƙatar da ke da wa'adi, ko wadda wani na uku ke jiran amsarta, ba ta karɓar amsa mai harshen damo. Sannan "zan duba" ta fi haɗari a rubuce. A baki, yadda aka ja ta yana nuna cewa babu. A rubuce tana zaune kamar alkawari, ana iya nuna wa mutane: ga shi, shi ya ce zai duba.

Dan_Tsakiya, tunda da murya ya aiko, da murya za a mayar. Wanda ya ɗauki minti biyu yana gaisuwa yana bayani, in ya samu layi biyu a rubuce, zai ji an rage masa daraja tun kafin ya karanta abin da ke ciki. Ana iya hawa sama da hanyar da babba ya zo da ita, wato ya yi tes ka yi murya, ya yi murya ka kira. Sauka ƙasa ne ke jawo magana.

Dan_Tsakiya: Malam, na karɓa. To yaya tsarin saƙon muryar zai kasance? Don in aka fara nauyin baki sai a yi minti huɗu ba a faɗi komai ba.

Malam_Alƙalami: Tsakanin daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya ya isa, wato kalmomi kamar ɗari. Ƙasa da daƙiƙa 15 yana kama da korar mutum. Sama da minti biyu kuma, duk ƙarin jimla ƙarin ƙofa ce da za a biyo ta a sake roƙo. Ga misali:

"Assalamu alaikum Kawu, barka da warhaka, ya gida, ya ƙarfin jiki. Na ji saƙo tun jiya, na kuma gode da aka tuna da ni a wannan magana. Kawu, a gafarce ni, ba zan iya sa hannu a takardar ba. Akwai nauyin da ke kaina wanda ba zai bar ni in tsaya wa wani ba a yanzu. Na ga ya fi in faɗa da wuri, don a samu lokacin neman wani kafin Alhamis. In ana buƙatar wanda zai taimaka da cike takardun, wannan zan iya. Allah ya ba da sa'a, ya ƙara girma. A gaishe da mutanen gida."

Ku lura da inda a'ar ta zo. Ba a farko ba, amma ba ta wuce daƙiƙa 20 na farko ba. Gaisuwa tana gaba domin babba ba a afka masa da magana, amma in gaisuwar ta yi tsawo zai fara sakin jiki yana zaton labari mai daɗi ne, faɗuwar sai ta fi zafi. Jimlar ƙin kuma ta fito cikakkiya sau ɗaya, da "ba" ɗinta na farko da na ƙarshe. Masu jin nauyi sukan haɗiye farko da ƙarshen jimlar, murya ta yi ƙasa, sai abin da ya fito ya zama "zan iya sa hannu". A wayar da lasifikarta ta gaji, ko inda ake hayaniya, wannan na faruwa da gaske. In za ka sassauta murya, sassauta ta a gaisuwa da ban haƙuri, ka bar jimlar nan ta fita tas.

Dalili guda ɗaya, kuma wanda ba a iya warware maka shi. In ka ce "ba ni da lokacin zuwa", za a ce a kawo maka takardar har gida.

Hajiya_Malama: Malam, misalin ya yi kyau amma ina da gyara ɗaya. Cire "a yanzu". Kalmomi biyu ne, amma su ne za su dawo da maganar wata mai zuwa. Dattijo yana sauraron saƙo sau biyu sau uku, wani lokaci da matarsa a gefe, kuma abin da ake nema a saurare na biyu shi ne kafa. In ƙin na dindindin ne, kada a sa masa lokaci.

Abin da na fi so a misalin shi ne "a gafarce ni" da "aka tuna da ni". Wannan "a" ɗin tana kawar da nuna yatsa. "Ka gafarce ni" ba laifi ba ce, amma "a gafarce ni" ta fi rusunawa, kuma tana aiki a duk hanyoyin uku.

Malam_Alƙalami: Na yarda da rabi, Hajiya. In ƙin na dindindin ne a cire. Amma wani lokaci gaskiyar ke nan, yanzu ne ba hali, kuma cire ta ƙarya ce ta wani ɓangaren. Mai maganar ne ya san wanne ne nasa.

MaiGyaranWaya: Bari in shigo ta ɓangaren na'ura, don akwai abubuwan da ke canza sautin saƙo ba tare da mai turawa ya sani ba.

A WhatsApp, kada ka danne alamar makirufo ka riƙe, domin da ka saki yatsa saƙon ya tafi. Ja ta sama ta kulle. Daga nan kana iya tsayar da ɗauka, ka saurari abin da ka faɗa, ka goge ko ka tura. Saƙon ƙi ga babba bai kamata ya tafi ba a saurare shi sau ɗaya ba. Abin da za ka duba uku ne: ko jimlar ƙin ta fito sarai, ko akwai dariyar jin kunya da ta kutso, da kuma ƙarar da ke bayanka. Wannan dariyar ita ce ta fi ɓata saƙo. Kai ka san ta nauyi ce, shi zai ji ta kamar abin bai dame ka ba. Ƙarar mota ko ta mutane kuma tana cewa a kan hanya ka amsa masa, ba ka ko zauna ba.

Na biyu, saƙon murya ba a gyara shi bayan ya tafi. Rubutu ana iya gyarawa cikin minti 15, amma zai nuna an gyara. Gogewa ga kowa tana yiwuwa har kusan kwana biyu, sai dai tana barin shaida cewa an goge saƙo. Babba ya buɗe waya ya ga an goge abu biyu kafin na uku, zai yi ta tunanin me aka fara faɗa. Gara ka yi gwajinka kafin turawa.

Na uku, da ka kunna saƙon muryarsa alamar kan nuna masa an saurara. Daga wannan lokacin agogo ya fara. Shirun yini ɗaya ana ɗaukarsa nazari. Shirun kwana uku bayan an ga ka saurara, amsa ce, kuma mafi muni.

Bintu_Lissafi: Tambaya a kan wannan. In mutum ya saurara amma yana wurin aiki, ba inda zai yi magana a natse sai dare?

MaiGyaranWaya: A nan ne tes ke da amfani, ba don ƙin ba, don riƙe wuri. Misali:

"Assalamu alaikum Kawu, barka da yamma. Na ji sakonka. Ina neman izini in kira ka gobe da safe kan maganar, in lokacin ya yi maka. Na gode."

Da gangan na rubuta "sakonka" ba ƙugiya, don in nuna wani abu. In ta SMS ne, saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, wannan kuma 138 ne da tazara, ya shiga. Amma ƙ, ɗ, ɓ ba sa cikin haruffan da tsarin SMS na asali ya sani. Da ka sa guda ɗaya tak, wayar za ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kawai, in saƙon ya rabu kuma kowane yanki 67. Wannan saƙon sai ya zama yanki uku. Yawancin wayoyi suna haɗa su, amma a ƙaramar waya ko inda sabis ke rawa wani yanki kan makara, ko ƙugiyar ta fito kamar akwati. Ka yi tunanin yankin da ke ɗauke da gaisuwa ya makara, na ƙin ya riga shi isa. A WhatsApp babu wannan matsalar, ka sa ƙugiyarka.

Hajiya_Malama: Amma cire ƙugiya ma yana da nasa. Rubuta "Ba ƙin taimako nake ba" ba ƙugiya, ya zama "Ba kin taimako nake ba". Mai karatu zai yi tuntuɓe, ya fara zaton da mace ake magana, ya dawo ya sake. Kuma ku tuna dattawa da yawa ba su ke karanta tes da kansu ba, saboda ido ko saboda boko. Yaro ake miƙa wa wayar. To yanzu a'arka tana fita daga bakin ɗan shekara 12, da muryar karatun aji, yana tsayawa inda bai kamata ba, a gaban duk wanda ke zaune. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ba na ba da shawarar tes ga wanda ba ka tabbatar shi ke riƙe da wayarsa ba. In dole ne SMS, zaɓi kalmomin da ba sa buƙatar ƙugiya.

Ɗan_Gajere: Ni matsalata da duk wannan, in babba ya kira ka kana cikin taro, ka danna ja ne ko ka bari ta yi ta ƙara har ta katse? Don wasu suna jin haushin a katse musu.

Bintu_Lissafi: Ɗan_Gajere, ba ƙin ɗaga waya ake magana ba, ƙin buƙata ne. Amma ka sa ta yi shiru ta katse da kanta, sannan ka bi da tes.

Injiniya_Shiru: Zan saɓa wa masu fifita murya. Saƙon murya ma ba sirri ba ne. In ba a kai wayar kunne ba, ta lasifika yake fita, kowa na ji. Ana tura shi gaba kamar kowane saƙo. Kuma ana iya sauraronsa da saurin 1.5x ko 2x, wanda ke kwashe duk taushin da aka wahala aka sa. Sannan a maganar da ta shafi kuɗi da sa hannu, rubutu ya fi kare kowa. Bayan wata shida in aka ce ai ka amsa, layi biyu a rubuce sun fi sauƙin nunawa.

Sakatariya77: Injiniya, saurin nan matasa ne suka fi amfani da shi, ban cika ganin dattijo yana yi ba. Amma maganar lasifika gaskiya ce, shi ya sa ba a sa sirri a dalili, ba a kuma ambaci laifin ɗan da ake nema wa rancen ba. Ka yi magana kamar shi ɗan yana zaune a wurin, don mai yiwuwa yana zaune.

Batun shaida kuma, ana haɗa biyun ne. Murya ta fara zuwa. Bayan ya saurara ya amsa, sai gajeren rubutu ya biyo: "Na gode da fahimta Kawu. Kamar yadda na faɗa, sa hannun ne ba zan iya ba, amma ina nan kan cike takardun." Rubutun da ya zo bayan murya ana karanta shi da muryar da aka riga aka ji. In ya riga ta zuwa, shi zai shafa mata sanyinsa.

Injiniya_Shiru: Wannan na biyun zai iya zama kamar ana maimaita masa a'a sau biyu.

Sakatariya77: Zai iya, in amsarsa ta nuna ya gane sarai. A nan sai a bar shi. Ana turawa ne in amsar ta nuna bai ji ba, irin "to, sai na ji ka".

Ummu_Yasmin: Ku taimaka da nawa, ya ɗan bambanta. Shugaban wata ƙungiya da nake ciki, dattijo ne sa'an mahaifina, ya turo imel yana neman in karɓi riƙon asusu, ya sa mutum shida a CC. Ba zan iya ba. In mayar ta imel ɗin ne ko in yi masa murya?

Sakatariya77: Duka biyu, 'yar'uwa, amma shi kaɗai tukuna. Kada ki taɓa Reply all a amsar farko. Ƙin babba a gaban mutum shida daban yake da ƙinsa shi kaɗai, ko da kalmomin ba su canza ba, don yanzu sai ya kare fuskarsa, kuma hanyar kare fuska ita ce ya dage. Ki fara da kira ko gajeren saƙon murya. Sannan ki danna Reply, ki duba layin To da na CC da idonki ki tabbatar sunansa ne kawai. Ki bar masa ya sanar da sauran da bakinsa, zai ce "ta ba da uzuri", magana ta mutu da mutunci. BCC kuma ki nisance shi a irin wannan. In wanda aka ɓoye ya danna Reply all, asiri ya tonu, ya zama kin kai ƙarar shugaba a ɓoye.

Taken imel ɗin ki bar shi yadda ya rubuta. Kada ki canza shi zuwa wani abu kamar "Rashin amincewa", don take da layin farko su ne ke fitowa a fuskar waya kafin a buɗe. Saboda haka layin farko gaisuwa da godiya ne. Jikin kuma sakin layi uku gajeru:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonka, kuma na gode da amanar da aka ga na cancanta.

Kamar yadda na yi bayani ta waya, ina neman afuwa, ba zan iya karɓar riƙon asusun ba, saboda ayyukan da ke hannuna ba za su bar ni in ba shi haƙƙinsa ba.

Zan ci gaba da ba da gudummawa a matsayina na mamba. Allah ya ƙara girma."

Abin da ke ɓata imel ga babba shi ne ya yi kama da takardar lauya. Jera dalilai da lamba 1, 2, 3, ko yi wa "ba zan iya ba" baƙin rubutu mai kauri, ko kawo maganarsa layi-layi ana ba ta amsa a ƙasa. A tsakanin abokan aiki wannan tsari ne mai kyau. Ga dattijo yana kama da ana ƙure shi. In Gmail kike amfani da shi, ki shiga saituna ki mayar da Undo Send zuwa daƙiƙa 30, shi ne mafi tsawo, yana ceton wanda ya ga kuskuren CC bayan ya danna. In cikin dare kika rubuta, Schedule send zai riƙe shi zuwa safe.

Ummu_Yasmin: Na gode Yaya. To in sauran shidan suka ga shiru suka ɗauka na karɓa fa?

Sakatariya77: Ki ƙara layi ɗaya a ƙarshe: "Na bar wa shugaba sanar da sauran mambobi yadda ya ga ya dace." In kwana biyu suka wuce bai yi ba, ki tambaye shi izini kafin ki rubuta musu.

Baba_Mai_Ritaya: Ni ina ɓangaren waɗanda ake turo wa. Abu biyu zan ƙara. Na farko, hotunan nan na fuska da hannuwa. Hannu biyu a haɗe bayan an ce ba za a iya ba, wani zai ga roƙo, wani zai ga an tafa an tashi. Fuskar dariya ko mai hawaye kuwa ba ta da wuri ko kaɗan. Haka gajarce-gajarcen nan, "slm", "ngd". Wanda bai da lokacin rubuta sallama cikakkiya ya riga ya faɗi matsayinka a wurinsa.

Na biyu, yawan ban haƙuri. In yaro ya ce "don Allah a yi haƙuri" sau biyar a saƙo ɗaya, ya ɗora mini aikin lallashinsa, alhali ni aka hana. Sau ɗaya kafin a'a, in an so sau ɗaya a ƙarshe. Kuma kada a yi mini tayin abin da ba za a yi ba don a rufe kunya. Tayin cike takardu da Malam ya sa a misalinsa, in ba za a cika ba a cire shi.

Auta_Mai_Gaskiya: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma "saƙonka" da "kira ka" da aka yi ta rubutawa a sama ba su yi tsaye da yawa ba? Mu "ku" muke ce wa manya. "Na ji saƙonku."

Baba_Mai_Ritaya: Ya danganta da gida. Wasu da "ku" suka tashi, wasu "ka" suke cewa su haɗa da Baba ko Kawu, ba wanda ya ji komai. Abin da ke sa kunne ya tashi shi ne canji. Wanda kullum yake ce mini "ka", ranar da zai hana ni abu ya koma "ku" da "ranka ya daɗe", na san an ja baya da ni.

Hajiya_Malama: Wannan ya shafi zaɓen hanya ma. Imel ga kawun da ba ku taɓa yin imel da shi ba, nisanta kai ne ko me aka rubuta a ciki. Saƙon murya ga shugaban da komai nasa a rubuce yake, ba tare da imel ya biyo baya ba, zai ga kamar ana gudun a bar shaida. Sai dai ban yarda da Baba ɗari bisa ɗari ba. Ɗan ƙarin rusunawa ranar ƙi ba laifi ba ne, in bai kai ga sauya harshe gaba ɗaya ba.

Dan_Tsakiya: To mu dawo kan kawun. An tura muryar ranar Talata da safe, ya saurara, ya rubuto "To." Ita kaɗai, da ɗigo. Me ke nan, kuma me za a yi?

Malam_Alƙalami: Ba za ka iya sani daga rubutun ba, matsalar da muka fara da ita ce ta juyo kanka. Dattawa da yawa gajeren rubutu suke yi don dannawa na ba su wahala, ba don fushi ba. Duba saƙonninsa na baya. In kullum haka yake amsawa, ba komai. In mai doguwar murya ne ya koma "To", akwai ɓacin rai. Ko wanne ne, kada ka bi shi da sabon bayani, don kare kai na biyu yana buɗe maganar daga farko. Amsa da "Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma", ka bar shi. Bayan Alhamis ta wuce ka yi gaisuwa zalla, ba tare da ambaton rance ba.

Injiniya_Shiru: Ni da zan gaishe shi kafin Alhamis. In ka jira ta wuce, kamar ka ɓuya ne har hadari ya wuce.

Malam_Alƙalami: In ka gaishe shi Laraba, zai ɗauka ka sauya shawara, ya sake tambaya, ka sake hana shi.

Bintu_Lissafi: Sai dai in tayin cike takardun na gaske ne. In haka ne akwai dalilin tuntuɓa ranar Laraba, kuma ɗan ya kamata a nema kai tsaye, ba kawun ba: ya turo hoton takardun a duba masa. Dan_Tsakiya, shi ɗan ya san an nemi a tsaya masa, ko uban ne kawai ke ta ƙoƙari?